Gidan gado a Ingila: rage ƙima ba wayo ba ne

A Najeriya an soke harajin gado tun 1996, shi ya sa iyalai da yawa ba sa kawo haraji a ransu idan aka zauna rabon gado. Amma idan mamaci ya bar gida a Landan ko Manchester, dokar Birtaniya ce ke hawa kan gidan, ko da a Kano mai shi ya rayu kuma ya rasu. Ra'ayina shi ne, babu takardar da ta fi cancantar magada su kashe mata kuɗi kamar rahoton ƙwararren mai kimanta gidaje.

Hukumar haraji ta Birtaniya, HMRC, tana aiki da farashin da gidan zai yi a kasuwa ranar rasuwa. Kuɗin da marigayi ya saye shi ba ya shiga lissafi. Fam 325,000 na farko babu haraji a kansa, abin da ya haura kuwa ana karɓar kashi 40 cikin ɗari. Gidan fam 500,000 ke nan zai jawo harajin fam 70,000, kuma ruwa zai fara hawa idan wata na shida bayan rasuwa ya ƙare ba a biya ba. Ba mamaki zuciya ta raya wa mutum ya rage adadin.

Sai dai wannan ƙima tana da aiki na biyu: daga kanta ake auna ribar da za a biya wa haraji ranar da aka sayar da gidan. A ɗauka gidan ya kai fam 300,000, kuma marigayi bai bar komai a can ba sai shi. Magada, don tsoro, suka rubuta 250,000. Ba su tsira da ko kwabo ba, domin duka biyun suna ƙasa da iyakar. Bayan shekara biyu aka sayar a 320,000. Ribar gaskiya 20,000 ce, amma takarda ta nuna 70,000. A kan kashi 24 cikin ɗari, kafin a cire rangwame da kuɗin dillali, harajin ya tashi daga 4,800 zuwa 16,800. Doka ta ba su damar kawo hujja cewa ƙimar farko kuskure ce, amma da wace shaida, alhali hannunsu ne ya rubuta?

Idan gidan ya haura iyakar, ragin yana iya kama da riba, tunda 40 ya fi 24. A nan ma ban ba da shawara ba. HMRC tana da nata masu kimantawa, kuma farashin gidajen da aka sayar a unguwar yana rubuce a rajistar filaye, kowa na iya dubawa. Gidan da aka ce 400,000 ne, aka sayar da shi 480,000 bayan wata takwas, shi da kansa zai tona asiri, sai a biya cikon haraji da ruwa, wataƙila har da tara.