Raƙumi Ba Ɗan'uwan Jaki Ba Ne: A Fara Darasin Rarraba Dabbobi Daga Kara Da Mahauta

Kwanakin baya na ziyarci wata makarantar sakandare a ƙasar Tambuwal, na tarar ana darasin rarraba dabbobi. Wani yaro haziƙi ya miƙe ya jero matakan a ka: failum, aji, oda, iyali, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai na ce masa, ga saniya da raƙumi da jaki, waɗanne biyu ne suka fi kusa da juna? Nan take ya ce, "Malam, raƙumi da jaki mana, ai duk na kaya ne." Ajin duka ya yarda da shi. Amsar kuwa ba daidai ba ce, domin a wurin masana raƙumi da saniya su ne ke cikin oda ɗaya.

Ra'ayina shi ne, ba yaron ke da laifi ba, hanyar koyarwar ce. Mun mayar da wannan darasi hadda, alhali aiki ne na dubawa da ƙirgawa. Kayan aikinsa kuwa suna nan zube a karar dabbobi da rumfar mahauta.

Yadda matakan suke

Idan za ka faɗi inda mutum yake, kana iya cewa Nijeriya, Jihar Sakkwato, Ƙaramar Hukumar Tambuwal, garin Dogon Daji. Kowane mataki yana cikin na sama da shi. Mutumin Dogon Daji da na Kebbe sun haɗu a jiha, sun rabu a ƙaramar hukuma. Haka matakan dabbobi suke. Failum ne babba, a cikinsa akwai azuzuwa, a cikin kowane aji akwai oda-oda, a cikin kowace oda akwai iyalai. Saboda haka dabbobi biyu da suka haɗu a iyali, tilas sun haɗu a oda da aji da failum.

Wanda ya aza harsashin wannan tsari shi ne Carl Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin, wanda ya fara buga littafinsa a 1735, kuma bugu na goma, na 1758, shi ne mafarin sunayen dabbobi na kimiyya. Kalmar failum ta zo daga baya, daga Bajamushe Ernst Haeckel a 1866. A yau manufar tsarin ita ce nuna dangantakar asali. Don haka ba a duba amfanin dabba ga mutum, ko wurin zamanta, ko girmanta. Ana duba ginin jiki.

Failum da aji

Failum yana duba tsarin jiki gaba ɗaya. Ɗauki tarwaɗa da kaza da akuya. Dukansu tun suna ɗan tayi suna da wata igiya mai ƙarfi da ta bi tsawon baya, da jijiyar laka a samanta, kuma a jikin waɗannan uku ƙashin baya ne ke maye gurbin igiyar. Wannan ya sa suke cikin failum Kodata. Fara da kaska da kunama kuwa ba su da ƙashi a ciki, sai ɓawo mai tauri a waje da ƙafafu masu gaɓa-gaɓa. Su ne failum Atrofoda.

Aji yana raba 'yan failum ɗaya. Tambayar ajin Mamaliya ita ce: dabbar tana da gashi, kuma uwa tana shayar da nono? Akuya ta shiga, kaza ta fita domin gashinta fuka-fuki ne irin na tsuntsu kuma ba ta shayarwa. A nan ne jemage ke ruɗar ɗalibai. Yana tashi sama, amma jikinsa gashi ne, yana da haƙora, yana haihuwa, yana shayarwa, fiffikensa kuwa fata ce da ta shimfiɗu tsakanin dogayen yatsu. Ajinsa ɗaya da akuya. Kama da wane ba ta wane.

Oda: a ƙirga yatsu

Yanzu mu koma ga dabbobinmu uku. Saniya da raƙumi da jaki duk Kodata ne, duk Mamaliya ne. A mataki na uku ne hanya ta rabu, kuma ƙafa ce ke nunawa.

Ka karɓo ƙafar sa daga wurin mahauci. Za ka ga kofato ya tsage gida biyu. Waɗannan yatsu biyu ne, na uku da na huɗu, kuma nauyin dabbar yana sauka ne a tsakaninsu. A bayan ƙafar akwai wasu ƙananan kofatai biyu da ba su taɓa ƙasa. Yanzu dubi sawun raƙumi a rairayi. Tafin mai faɗi ne kuma mai laushi, amma yatsu biyu ne, kowanne da ɗan farce a gaba, nauyi kuma a tsakaninsu yake sauka. Jaki fa? Kofatonsa dunƙulalle ne, domin a kan yatsa ɗaya tak yake tafiya, wato na uku.

Masanin Ingila Richard Owen ne ya sa wa waɗannan rukunai suna a 1848. Masu yatsun da suke bibbiyu su ne oda Atiyodaktila, inda saniya da raƙumi da akuya da tunkiya da alade da dorina suke. Waɗanda nauyinsu ke kan yatsa na tsakiya su ne oda Ferisodaktila, inda jaki da doki da karkanda suke.

Masani ba ya tsayawa a alama ɗaya, sai ya nemi wata ta tabbatar masa. Saniya da raƙumi suna tuƙa, domin cikinsu ɗaki-ɗaki ne, kuma a ɗakunan farko ƙananan halittu suke narkar da ciyawa. Jaki ba ya tuƙa. Tumbinsa ɗaki ɗaya ne, ciyawa kuma a babban hanji take narkewa. Sai dai a kula: tuƙa shaida ce mai ƙarfafawa kawai, ba ita ce sharaɗin shiga odar ba, domin alade yana ciki amma ba ya tuƙa.

Iyali: ƙaho da haƙori

To, me ya raba saniya da raƙumi? Buɗe bakin akuya ka duba. Babu haƙoran gaba a sama ko ɗaya, sai dasashi mai tauri. Haka bakin saniya da tunkiya yake. Tumbinsu ɗaki huɗu ne. Ƙahonsu, idan suna da shi, ƙashi ne a ciki da kube a waje, ba ya yin rassa, kuma ba ya zubewa kowace shekara. Wannan shi ne iyalin Bobide. Raƙumi ba shi da ƙaho, tumbinsa ɗaki uku ne, kuma babba yana da fiƙa masu kaifi, abin da ya sa cizonsa ke da haɗari. Iyalinsa shi ne Kamelide. Jaki da doki kuwa suna cikin Ikwide, da haƙoran gaba sama da ƙasa.

Ke nan jar akuyar Sakkwato da tunkiya uda da san gudali sun haɗu a matakai huɗu duka. Raƙumi ya bi su har oda, ya rabu da su a iyali. Jaki ya rabu da su tun a oda. Wani zai ce, ai gudali ƙahonsa ɗan gajere ne, wata tunkiyar ma ba ta da shi sam. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake haɗa ƙafa da haƙori da tumbi kafin a yanke hukunci.

Abin da ake asara idan ba a gane ba

Wannan ba maganar jarrabawa kaɗai ba ce. Ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru, yana kama shanu da tumaki da awaki da aladu, amma ba ya kama jaki ko doki. Yaron da ya fahimci oda zai gane dalilin da ya sa, idan ciwon ya ɓulla a garken shanu a Kebbe, ake jin tsoro a kan awakin da ke shan ruwa a tafki ɗaya da su. Amma tsarin yana da iyaka. Raƙuminmu mai tozo ɗaya yana cikin wannan oda, duk da haka ciwon ba ya cika kama shi. Rarrabawa tana nuna inda za a fara zato, gwaji ne ke tabbatarwa.

Ga wani tarkon kuma. Mukan koyar cewa ƙwaro ƙafa shida gare shi, kaska da kunama kuwa takwas, don haka ajinsu daban. Gaskiya ne, amma kaskar da ta fito daga ƙwai ƙafa shida take da su, sai ta yi saɓa take samun takwas. Ɗalibin da ya haddace lamba kawai zai faɗa rami. Wanda ya saba dubawa zai lura cewa kaska ba ta da 'yan ƙahonin nan biyu na ji da fara ke da su a ka.

Uzurin malamai

Na san abin da 'yan'uwana malamai za su ce: lokaci kaɗan ne, manhaja na da yawa, kuma da Turanci ake jarrabawa. Ban raina wannan uzuri ba, sunayen dole ne a koye su. Amma sunayen nan ba Turanci ba ne, daga Girkanci da Latin suka fito, kuma ma'anarsu ita ce abin da ido ke gani. Atrofoda na nufin ƙafa mai gaɓoɓi. Yaron da ya riƙe fara ya lanƙwasa ƙafarta ba zai manta da sunan ba.

Akwai dalili na biyu da ya sa hadda ba ta isa. Tsarin kansa yana sauyawa. Binciken ƙwayoyin gado a shekarun 1990 ya nuna cewa manyan dabbobin teku masu shayarwa, waɗanda mukan kira kifi whale alhali ba kifaye ba ne, dorina ce danginsu mafi kusa a cikin masu rai, har masana suka haɗa su da masu tsagaggen kofato. Wanda ya haddace jeri zai ruɗe idan jeri ya sauya. Wanda ya san cewa hujja ake bi, zai tambayi sabuwar hujjar.

Shawarata ga malami ita ce, kafin ya rubuta ko da suna ɗaya a allo, ya kawo ƙafar sa da muƙamuƙin akuya da fara da kaska a kwalba, ya kuma sa ɗalibai su zano sawun jaki da na raƙumi daga hanyar kasuwa. Su ƙirga, su raba da kansu, su kare rabon da hujja, sannan a ba su sunaye. Kai kuma ɗalibi, ga aikin gida: barewa tana da tsagaggen kofato, tana tuƙa, ba ta da haƙoran gaba a sama, ƙahonta kuma ba ya rassa. Faɗi failum ɗinta da aji da oda da iyali, ka kuma nuna alamar da ta kai ka kowane mataki.