Wasiƙar Mai Shago Zuwa Banki: Lissafi Ake Nema, Ba Magiya Ba



Duk wanda aka san shi da alƙalami a unguwa, wata rana maƙwabci zai zo masa da irin wannan aiki: bashin banki ya sha masa kai, yana so a rubuta a roƙi ƙarin lokaci. Mu kuma da muka saba da rubutun zube, hannunmu sai ya karkata ga tausayi. A cika shafi da halin rayuwa, da yawan iyali, da "don girman Allah a duba". A ganina wannan cutar da mai shagon ne. Ma'aikacin da zai karanta ba shi ke yanke hukunci ba, zai kai wa na sama da shi ne, kuma abin da za su tambaye shi ɗaya ne: mutumin nan nawa zai iya biya a wata, mece ce shaida?

Mu ɗauki misali. Mai shagon kayan masarufi ne a Kano, saura naira 900,000 a kansa, wata 6 suka rage. A ce kuɗin ruwa kashi 3 cikin 100 ne a wata, ana lissafa shi kan 900,000 ɗin ba ya raguwa, wato 27,000. Uwar kuɗi 150,000, jimilla 177,000 kowane wata. Shi kuwa in ya fitar da kuɗin sari, da haya, da mai, da cefanen gida, 130,000 ke rage masa. Giɓin 47,000 ɗin nan daga jari yake fita, shi ya sa kantocinsa suka fara zama wayam.

To wata nawa zai roƙa? Nan ne aikin marubuci yake, kafin ya rubuta ko harafi ɗaya. In an mayar wata 9, biyan wata zai zama 127,000, ragowar 3,000 kacal, zazzaɓin yaro ɗaya ya isa ya rusa alkawarin. In wata 18 ne, 77,000 zai riƙa biya, ga daɗin ji, amma kuɗin ruwan gaba ɗaya ya kai 486,000 maimakon 162,000. Wata 12 ne ya zauna daidai: 102,000 a wata, rarar 28,000, kuɗin ruwa 324,000. Ku lura, ko a nan ma ya ninka. Wajibi ne ka faɗa wa maƙwabcinka wannan ƙarara kafin ya sa hannu, don da yawa suna ɗauka ƙarin lokaci rangwame ne. (A bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, in cinikin murabaha ne, farashi ya riga ya yanke, ba a ƙara shi don an jinkirta. Can wasiƙar ta fi sauƙi.)

Ga yadda nake ganin cikin wasiƙar ya kamata ya kasance, bayan adireshi da lambar asusu:

"Ranka ya daɗe, saura naira 900,000 a kaina. Na biya wata 6 a jere ban makara ba. Tsadar sari da sufuri ta rage mini riba, yanzu 130,000 ke rage mini a wata. Ina roƙon a mayar da wa'adin wata 12, in riƙa biyan 102,000 ranar 5 ga kowane wata. Ga bayanan asusuna na wata 6 da kwafin littafin ciniki. Ina kuma roƙon a sanar da ni a rubuce jimillar abin da zan biya, da duk wani caji na sauya yarjejeniya."

Wani zai ce ta bushe, ba ladabi. Ladabin yana cikin gaisuwa da "ina roƙon", ya isa. Dalilin matsalar ma jimla ɗaya aka ba shi, don manaja ya san an cire tallafin mai a 2023, ba sai ka karantar da shi ba. Kuma kada ka yarda a kumbura ciniki don a burge banki. Bayanan asusu za su tona, in ma ba su tona ba, an ɗora wa mutum biyan da ba zai iya ba.

Sai batun lokaci. Wasiƙar da ta isa kafin a tsallake biya ko ɗaya ta fi ƙarfi nesa. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, bashin da ya haura kwana 90 ba a biya ba yana shiga sahun masu matsala, kuma tun 2020 akwai tsarin GSI da ke ba banki damar cire kuɗinsa daga sauran asusun mutum ta hanyar BVN. Saboda haka ya ci gaba da biyan abin da ya samu yayin da yake jiran amsa, don miƙa wasiƙa ba ya dakatar da tsohuwar yarjejeniya. In da Turanci za a miƙa, a fara tsara ta da Hausa a karanta masa ya amince da kowace lamba. A buga kwafi biyu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a ɗaya, ya dawo da shi gida.