Ta'aziyyar aboki ba ta ƙarewa ranar da aka naɗe tabarma

Duk wanda ya taɓa zama a gidan makoki ya san yadda kwana uku na farko suke. Ƙofar gida cike take, tabarmi sun kai bakin titi, wannan ya tashi wancan ya zauna, ana ta shafa fatiha. A rana ta huɗu a naɗe tabarmi, a mayar da kujerun haya, baƙi su kama hanya. A ranar ce wanda ya rasa mahaifi ko mahaifiya yake fara gane abin da ya same shi, kuma a ranar ce yawancin abokansa suke ganin sun sauke nauyi.

Maƙwabci ko abokin ciniki ya zo ya yi gaisuwa ya tafi, ya yi abin da ya kamata. Amma aboki na kusa hakkin da ke kansa ya fi haka, a baki da kuma a aikace.

A ɗauki misalin matashi ɗan fari da ke aiki a Kaduna, aka kira shi da asuba cewa mahaifinsa ya rasu a Funtuwa. Kafin la'asar an yi jana'iza. Kwana uku yana zaune a tabarma, ana ce masa "ya haƙuri?" yana amsa "da godiya" sau ɗaruruwa. Bai samu sukunin yin kuka ba, domin shi ake tambaya kuɗin shinkafa, shi ake nema idan baƙi sun iso. Mahaifiyarsa ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, ƙannensa kuma sun zuba masa ido.

Me ya kamata abokinsa ya ce masa?

Maganar ba ta buƙatar tsawo. "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashi." Wannan ya wadatar a gaban jama'a. Idan an samu keɓewa, abin da ya fi ratsa zuciya shi ne ambaton wani alheri na mamacin wanda abokin ya gani da idonsa: "Ba na manta ranar da Baba ya biya mana kuɗin mota tare, ya ce ni ma ɗansa ne." Kowa na cewa marigayin mutumin kirki ne. Wanda ya kawo labari guda na gaskiya ya ba ɗan mamacin abin da zai riƙe shekaru.

Bayan haka sai shiru. Mutane da yawa suna tsoron shiru a gidan mutuwa, sai su cike shi da surutu, kuma daga nan ɓarna take fitowa.

Mafi muni ita ce maganar "da". "Da an kai shi asibiti da wuri." "Da ka dawo tun makon jiya." Ɗan da ke aiki nesa da gida ya riga ya faɗa wa kansa waɗannan kalmomi cikin dare, ba ya buƙatar wani ya tabbatar masa da su. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi gargaɗi a kan wannan kalma, domin tana buɗe wa shaiɗan ƙofa. Idan shi mai rashin ne ya fara zargin kansa, kada a yi masa gardama mai tsawo. A tuna masa abin da ya yi: maganin da ya riƙa saya, zirga-zirgar da ya yi. Sannan a tuna masa cewa ajali ba ya jira.

Kusa da ita akwai binciken ciwo. "Me ya same shi? Wane asibiti? Ya yi magana kafin ya cika?" Kowace tambaya tana mayar da mutum bakin gadon jinya. Idan yana son ba da labarin zai bayar da kansa, kuma a ranar aikin aboki sauraro ne, ko da ya maimaita labarin sau biyar.

Sai kuma rage girman rashin. "Ai ya manyanta, ya ci zamaninsa." "Gara kai, ni ina firamare nawa ya rasu." Mai faɗa yana nufin lallashi, mai ji kuwa abin da yake ji shi ne ciwonsa bai kai a kula ba. Tsufan uba ba ya rage zafin rasa shi.

Akwai kuma "kai fa namiji ne, daina kuka". Wannan al'ada ce, ba addini ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake cikawa, kuma ya yi kuka da ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa har waɗanda ke tare da shi suka yi kuka. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Abokin da ya ga hawaye ya dafa kafaɗa ya yi shiru, ya fi wanda ya fara wa'azi.

Waya ma ta kawo nata kurakuran. Wani yana jin labari sai ya ɗora a WhatsApp ko Facebook, alhali ƙanwar abokinsa da ke makaranta ba a sanar da ita ba tukuna. Ba a sanar da mutuwa kafin iyalan mamaci su sanar, ba a ɗora hoton jinya ko na makara, kuma saƙon da aka kwafo aka tura ba ya zama gaisuwar aboki na kusa. Idan nisa ya hana zuwa, a kira. Idan bai ɗauka ba, a bar saƙo gajere da ke cewa ba sai ya amsa ba.

A ɓangaren aiki, "in kana buƙatar wani abu ka faɗa min" magana ce mai daɗi da ba ta haifar da komai, domin Bahaushe da kunya ba zai faɗa ba. Gara a zaɓi abu guda a yi. A kawo abinci: lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalansa abinci saboda abin da ya shagaltar da su. Yau sau da yawa an juya lamarin, masu rashi ne ke cin bashi su ciyar da masu gaisuwa. Aboki na iya ɗauko baƙi daga tasha, ko ya sanar da wurin aiki, ko ya miƙa abin da ya samu a ɓoye. Maganar gado kuwa ba tasa ba ce, sai in an nemi shawararsa.

A koma ga matashin nan. Bayan mako biyu ya dawo Kaduna, wayarsa ta daina ƙara, ofis na jiran aiki. Ranar Juma'a ya ɗauko waya zai kira Baba kamar yadda ya saba, sai ya tuna. Nan ne ake buƙatar aboki: ya leƙo da yamma, su ci abinci tare, ya tambayi lafiyar Mama, ya ambaci marigayin ba tare da tsoro ba. Azumin farko da sallar farko babu mahaifi suna da nauyi, kira ɗaya a ranar yana da daraja.

Baƙin ciki yakan lafa a hankali. Amma idan watanni suka shuɗe mutum ba ya barci, ba ya cin abinci, ya kasa aiki, ya guji mutane, ko ya fara shan abin da zai gusar masa da tunani, haƙuri kaɗai bai isa a ba shi ba, a raka shi wurin likita. Idan kuwa ya fara maganar kashe kansa, ba a jira ko kwana ɗaya, kuma ba a barinsa shi kaɗai.

Ranar jana'iza ba a rasa mutane. Wanda yake da aboki a cikin wannan hali, ya duba yau kwana nawa ke nan rabon da ya kira shi.