Launin da Ba Ya Cikin Hoto

A gidajen Kawukudi da Nima da Mamobi, a birnin Akra, akan tarar da hoton kaka ko kakan kaka rataye a bango, mai baƙi da fari. Yanzu jikoki sukan ɗauke shi da waya, su miƙa wa manhaja, cikin ɗan lokaci ta mayar musu da shi rawani ja, riga shuɗiya. Ra'ayina shi ne wannan launi kintace ne, kuma wajibi ne a kira shi da sunansa, domin duk wanda ya karɓe shi a matsayin shaida ya karɓi labarin da babu wanda ya gani da ido.

Dalili na farko yana cikin yadda hoton ya samu. Fim ɗin baƙi da fari yana adana yawan hasken da ya faɗa masa ne kawai. A na'ura, kowane ɗigon launi lambobi uku ne: ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Idan za a mayar da shi toka-toka, sai a haɗe su wuri guda da lissafi irin wannan:

```
Y = 0.299R + 0.587G + 0.114B
```

Ja tsantsa mai lamba 255 yana ba da 76. Kore mai lamba 130 shi ma 76 yake bayarwa. To, idan aka miƙa maka 76 kaɗai, ta yaya za ka san ja ne ko kore? Babu hanya. Abin da manhaja ke yi shi ne ta duba siffar abin, ta zaɓi launin da irinsa ya fi ɗauka a hotunan da aka horar da ita da su. Shi ya sa takan dace da sama da ganye, amma ta yi kuskure a tufafi, wanda mai shi ya zaɓa da son ransa. Ƙari a kan haka, fim ɗin da aka fi amfani da shi a farkon ƙarni na 20 ba ya ganin ja sosai, don haka jar dara takan fito baƙa wuluk, shuɗi mai haske kuma ya fito kamar fari.

Tutar Gana ta ishe mu misali. A 1957 an kafa ta da ja da ruwan ɗorawa da kore, da baƙin tauraro a tsakiya. A 1964, lokacin da Kwame Nkrumah ya mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya, sai aka sauya ruwan ɗorawan da fari, ta dace da launukan jam'iyyarsa. Bayan juyin mulkin Fabrairun 1966 aka dawo da ta farko. A hoto mai baƙi da fari, tsakiyar tutar takan fito da haske a duka biyun. Saboda haka idan ka sami hoton wani taro a Nima na 1965 da tuta a bayansa, mai sa launi zai shafa ruwan ɗorawa, domin ita ce tutar da kowa ya sani. Hoton zai yi kyau, amma an goge shekaru biyu na tarihin siyasa. Abin da zai gyara kuskuren ba ya cikin hoton: shekarar da aka rubuta a bayansa ce.

Wani zai ce, ai sai a tambayi tsofaffi. Haka ne, kuma ya fi dogaro da manhaja nesa ba kusa ba. Sai dai a nan ɗalibin Hausa yana da abin lura. Idan dattijuwa ta ce mijinta baƙin rawani ya naɗa ranar, mai yiwuwa tana nufin wanda aka rina da baba har ya yi duhu, aka buga shi yana ƙyalli, irin ɗan Kura. Bahaushe yakan kira wannan baƙi, alhali shuɗi ne mai duhu. Wanda bai san haka ba zai shafa baƙin gawayi, ya ɗauka ya bi shaida.

Ban ce a daina sa launi ba, domin yakan kusantar da yaro ga fuskar kakansa. Amma a kiyaye abu uku. A ajiye na asali, a riƙa nuna shi tare da sabon. A rubuta a ƙasa cewa launin ƙari ne, da shekarar da aka yi shi. Sannan a bambanta launin da ke da madogara, kamar rigar da har yanzu tana cikin adaka, da wanda aka kintata. In ba haka ba, nan da shekara talatin jikoki za su rantse cewa kakansu jan rawani yake naɗawa, kuma hoton da za su kafa hujja da shi bai taɓa faɗin haka ba.