Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Majalisar Masarautar Gumel



Mai wannan wasiƙa yana roƙon a ba da izini 'yan sa-kai su kwafe tsofaffin kundayen hakimai da alƙalai na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. A cikinsu akwai lissafin haraji da jangali, waɗanda Gwamna Abubakar Rimi ya soke a 1979, lokacin da Gumel take cikin Jihar Kano. Ranar da aka kammala, a bar ma'aikacin ɗakin karatu ya yi ɗan gajeren jawabin godiya a fada, domin shi ya san abin da aikin ya ci.

Zai gode wa malaman allo, masu idon rubutun Magaribi, inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Gabas sai ya karanta ƙaf a matsayin fa, sunan mutum ko na ƙauye ya sauya. Shi ya sa ake zama biyu-biyu, ɗaya yana karantawa da murya, ɗaya yana bin kwafin.

Zai kuma gode wa waɗanda suka ƙi yin cika-fuska. Inda gara ta ci shafi, sun bar gurbi da alama. Inda magatakarda ya rubuta 1380 ta Hijira ba wata, sun ajiye ta yadda take, tunda shekarar ta ratsa 1960 da 1961.

Roƙo na ƙarshe: asalin kundayen su zauna a Gumel, a kai wa Gidan Arewa na Kaduna kwafi.