Wa Zai Yi wa Manhajar Hira Jarrabawa Kafin Ta Shiga Fadamar Haɗejiya?

Manhajojin hira masu aiki da ƙirƙirarriyar basira sun soma jin Hausa, kuma masu kawo su sun juyo da hankali wajen manomi. Ƙungiyar Digital Green ta shigo da Farmer.Chat Najeriya domin ba manoma shawara ta waya, a watan Satumban 2025 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLaS, wanda aka horar da shi a kan Hausa da Yarabanci da Ibo. Ba da jimawa ba wani zai tsaya gaban jami'an JARDA ko na Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da manhajarsa, ya ce an gwada ta, ta ci kashi 90 cikin 100. Wannan adadi shi kaɗai bai isa a ba ta izinin yi wa manomin Auyo ko na Kirikasamma magana ba. Abin da ya kamata a nema a gani shi ne tambayoyin da aka yi mata, da ma'aunin da aka yi makin da shi, da kuma mutanen da suka riƙe jan biron.

Hanyar gwajin kanta ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa duba takardun WAEC. Ana tara tambayoyi, a rubuta wa kowace ɗaya abubuwan da amsa mai kyau za ta ƙunsa da makin kowanne, sannan a miƙa wa manhajar tambayoyin a yi wa amsoshinta maki. Sanannen misali shi ne HealthBench da kamfanin OpenAI ya fitar a watan Mayun 2025 domin tambayoyin lafiya: hirarraki 5,000, likitoci 262 da suka yi aiki a ƙasashe 60 suka rubuta musu ma'auni. Kowane sharaɗi yana da maki tsakanin 10 na samu da 10 na ragi, wato akwai abin da in amsa ta faɗa za a ba ta lada, akwai kuma wanda in ta faɗa za a zaftare mata. Wannan tsari na ragi shi ne abin da ya fi cancanta a aro.

Tambayoyin kuwa ba a aro su. Akwai jarrabawa ta Hausa da masu bincike ke amfani da ita, irin su IrokoBench da masu binciken Masakhane suka fitar a 2024, aiki ne mai daraja, amma tambayoyinsa fassara ce daga Ingilishi, a kan lissafi da labarin ƙasa da dokokin ƙasa da ƙasa da makamantansu. Manhajar da ta yi zarra a can ta nuna tana karanta Hausar makaranta. Ba ta nuna ta san abin da mutumin Guri yake nufi ba idan ya ce kachalla ta toshe masa hanyar ruwa, ko kuma idan ya ce jan baki ya sauka. A ƙamus, jan baki kayan kwalliyar mata ne. A fadama, tsuntsaye ne masu zuwa dubbai su kwashe shinkafar da ta fara nuna. Manhajar da ta amsa wannan tambaya da zancen kwalliya abin dariya ce a ofis, amma ga mai gona asarar kwana guda ce, a lokacin da kwana guda ke da tsada. Don haka tambayoyin gwaji sai an ɗebo su daga bakin masu su: malaman gona su rubuta abin da ake tambayarsu a zahiri, da kalmomin mai tambayar, da buhu da mudu maimakon kilo, da guntuwar jimlar da ba ta faɗi rabin abin da ake bukata ba.

A ɗauki tambaya guda a bi ta har ƙarshe. Kogin Haɗejiya yana samun ruwansa ne daga kogin Kano da na Challawa, waɗanda madatsun Tiga da Challawa suke kansu, kuma a watannin Agusta da Satumba yakan tumbatsa ya hau gonaki, kamar yadda ya yi mummunar ɓarna a 2020 da 2022. Saboda haka tambaya irin wannan dole ta shiga jarrabawar: “Ruwa ya shanye min shinkafa yau kwana huɗu. In zuba yuriya ta farfaɗo?”

Malamin gona da ya san aikinsa ba zai amsa nan take ba, sai ya yi nasa tambayoyin. Ma'aunin ma haka zai bi. Idan manhajar ta tambayi irin da aka shuka da kwanakinsa, ta samu maki 3, domin FARO 44 da ya cika gonakin yankin ba a yi shi don jure nutsewa ba, alhali FARO 66 da FARO 67, da aka amince da su a 2017, suna iya kai wa kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa. Idan ta tambaya ko ruwan ya rufe ganyen gaba ɗaya ko kawunan suna waje, maki 2, domin shinkafar da ke shaƙar iska tana da sauran rai. Idan ta ce kada a zuba taki sai ruwa ya janye, maki 5, tunda yuriya narkewa take yi ta bi ruwa, kuɗin manomi ya tafi Nguru. Idan ta ce a jira 'yan kwanaki bayan janyewar a ga ko sabon ganye ya fito kafin a yanke hukunci, maki 3. Idan ta ambaci iri mai jure ambaliya domin baɗi, maki 2. Jimilla 15. Sai ragin: a cire 8 idan ta ce a zuba takin yanzu, a cire 6 idan ta faɗi ranar da ruwan zai janye alhali ba ta da wata sanarwa daga NiMet ko hukumar koguna a hannunta.

To, a ce an samu amsoshi biyu. Ta farko doguwa ce, Hausarta santala, ta jajanta wa manomin, ta tambayi irin, ta ce a jira sabon ganye, ta ambaci FARO 66, sannan ta rufe da cewa ruwan zai sauka nan da kwana uku. Ta tara 8, an cire 6, saura 2 cikin 15, wato kusan kashi 13. Ta biyu gajeriya ce, har da ɗan tuntuɓen nahawu, amma ta ce kada a zuba taki, ta tambayi zurfin ruwan, ta ce a jira. Ta samu 10 cikin 15, kusan kashi 67. Duk wanda aka ba amsoshin nan biyu ba tare da ma'auni ba, aka ce ya zaɓi mafi kyau, zai iya karkata ga ta farko, domin daɗin baki yana ruɗin mai karatu ko da ya yi boko. Amfanin rubuta ma'auni tun kafin a ga amsa ke nan: yana hana mai maki ya faɗa tarkon zaƙin magana.

Sai dai hira ba tambaya ɗaya ba ce, kuma a nan gwaji da yawa ke tsayawa da wuri. Manomi zai dawo ya ce maƙwabcinsa ya zuba bara kuma ta yi kyau. An san manhajojin nan da halin bin ra'ayin mai magana da su idan ya matsa. Saboda haka dole jarrabawar ta ƙunshi zagaye na biyu da na uku, a ga ko za ta tsaya a kan gaskiya cikin ladabi ko za ta saki layi.

Babbar matsalar tana wajen haɗa maki. A ce tambayoyin 200 ne. Guda 180 na yau da kullum ne, kamar tazarar shuka da lokacin dashe, manhajar ta ci kashi 95 a kansu. Sauran 20 su ne masu haɗari: yawan maganin feshi a tankin baya, kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinki tumatir, abin da za a yi wa yaron da ya sha maganin ƙwari, shiga kwalekwale lokacin da kogi ya cika. A kan waɗannan ta ci kashi 40 kacal. In aka haɗa, sakamakon ya zama 89.5, a takarda a rubuta 90, a tafa. Manhajar da ta faɗi a fiye da rabin abin da ke iya kashe mutum ta fito da sakamakon ɗalibi mai hazaƙa. Gyaran ba wuya: a ba da sakamakon kowane rukuni daban, a kuma sanya wasu kurakurai a matsayin faɗuwa kai tsaye, yadda mai gwajin tuƙi ba ya yafe wa wanda ya keta jar danja don ya iya ajiye mota. Za a ce wannan tsauri ne, malamin gona ma yakan yi kuskure. Haka ne, amma kuskuren malami guda yana tsayawa a ƙauyukan da yake zagayawa, na manhaja kuwa yana maimaita kansa a kowace waya.

Tambayoyi 20 ma sun yi kaɗan ga rukuni mai wannan nauyi, domin kowace ɗaya tana ɗauke da kashi 5, kuma manhajar takan canza amsa idan aka sake yi mata tambaya iri ɗaya. Ya kamata a ƙara yawansu, a maimaita kowace sau da dama, a kuma duba amsa mafi muni, tunda akwai manomin da ita zai samu.

Masu makin su ma sai an gwada su. A ba malaman gona biyu amsoshi iri ɗaya, kowa ya yi nasa ba tare da ganin na ɗan'uwansa ba. Idan aka ce sun dace a kashi 85, kada a yi saurin murna. Inda kowannensu ke wuce da amsa tara cikin goma, ko da ido rufe suke yi za su dace a kashi 82. Masana ƙididdiga suna cire wannan dacewar ta katari da ma'aunin da ake kira kappa na Cohen, kuma a wannan misali abin da zai rage ɗan kaɗan ne. Inda suka saɓa, galibi laifin ma'aunin ne. Sharaɗi irin “amsa ta dace da yanayin manomi” kowa da fassararsa, amma “ta ce kada a zuba taki sai ruwa ya janye” ko dai ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Kamfanoni sukan ɗora wa wata manhajar aikin maki domin sauri da araha. Ana iya yin haka, amma bayan an nuna cewa makinta yana dacewa da na mutanen da suka san fadama, a kan amsoshin Hausa, ba na Ingilishi ba.

Saura tambayar wa zai riƙe takardar jarrabawar. Idan mai sayar da manhaja ne ya rubuta tambayoyin, ya ajiye su, ya yi makin, to ɗalibi ne ya shirya wa kansa jarrabawa. Ko ba da mugun nufi ba, tambayoyin da masu gini ke gani kullum sukan zama abin da ake gyara manhajar a kansu, har ta haddace su ba tare da ta ƙware ba. Alamar haka a bayyane take: a sauya kalmomin tambaya, a mai da kwana huɗu kwana tara, a ga maki ya ruguzo. Abin da ya dace shi ne hukumar da za ta ɗauki manhajar, JARDA ce ko wata, ta raba tambayoyin gida biyu, ta ba kamfani kashi ɗaya ya yi atisaye, ta kulle ɗayan a wajenta. A sake gwajin duk lokacin da aka sabunta manhajar, sannan a ƙara sababbin tambayoyi sau biyu a shekara, domin abin da ke damun mai shinkafar damina a Satumba daban yake da abin da mai alkamar rani zai tambaya a Janairu.