Filin Iyaye: Taken bursin ƴan mata da tambayar mai gida

A shekarar 2015 gwamnatin Nijar ta shiga wani aiki da ake ce ma Suwed, da taimakon kuɗin Bankin Duniya. A cikin aikin an kafa wani reshe don ba ƴan matan kwaleji kuɗin tallafi, wanda ƴan lakwal ke ce ma bursi. Jahar Damagaram tana cikin jahohin da aikin ya shafa. Sunan reshen da Faransanci yake, kuma shi ne takensa. Ma'anarsa da Hausa ita ce: duk ƴan mata su tafi lakwal.

Take ne mai daɗin ji. Amma idan aka faɗe shi a zauren mai gari, a ƙasar Mirya ko Magarya ko Tanut, dattijo zai gyara zama ya ce: “Ai mun sa su.” Kuma da gaskiyarsa. Garuruwa da yawa suna da lakwal ta farko, mai aji shida, kuma ana rubuta ƴan mata a aji ɗaya. Yarinya tana kwana ɗakin uwarta, ta ci tuwon gida, ta ɗebo ruwa da marece. Wannan bai cika tayar da gardama ba.

Gardama tana tasowa ranar da ta gama aji shida. Shekarunta sha biyu ko sha uku. Kwaleji shekara huɗu ce, kuma ba kowane gari ke da ita ba. Sau da yawa sai babban gari, inda ba a zuwa a komo da ƙafa kowace rana. A nan ne uba ke tambaya: ina za ta kwana, mi za ta ci, wa zai sa mata ido? Taken da bai amsa wannan ba, ko marokin Sarki ya faɗe shi, ba zai wuce ƙofar zaure ba.

Ga misali da lissafi. A ce manomi yana da ɗiya da ta samu shiga kwaleji, ya samo mata mai masauki a babban gari. Shekarar lakwal tana kamawa daga Oktoba zuwa Yuni, wata 9 ke nan. A ce tiya ɗaya ta hatsi tana kai yarinyar kwana 5. A wata tiya 6 ke nan, a wata 9 kuma tiya 54. Babban buhu yana cin wajen tiya 40. To, buhu guda ke nan da tiya 14, kafin a zo ga cefane, sabulu, takalmi, littattafan rubutu da kuɗin mota ranar hutu. Ban da wannan, uwa ta rasa mai taya ta daka da talla. A shekarar da damana ta yi gardama, wannan buhu shi ne abincin gida na bazara.

Idan uba ya kasa kai hatsin, mai masauki ba ya korar yarinya kai tsaye. Sai dai ta koma ƴar aikin gidan. Ita ce wanki, ita ce rijiya, ita ce raino. Ta shiga aji a makare, da barci a ido. A ƙarshen shekara makinta bai kai 10 bisa 20 ba, sai a ce ta maimaita aji, ko a sallame ta. Mutanen gari su ce ba ta da kai, alhali gajiya ce da yunwa.

Wannan rami ne bursi ya zo cikewa. Ba ladan uba ba ne don ya bar ɗiyarsa, kuma ba jarin awaki ba ne. Kuɗin ci da masauki da kayan karatun yarinya ne. Abu biyu ke ɓata shi. Na farko, ya zo a makare, bayan yarinya ta riga ta komo gida. Shi ya sa ya kamata uba ya tanadi hatsin wata biyu na farko tun kaka, kada ya zauna jiran kuɗi. Na biyu, kuɗin ya iso amma ya shige wata hidima, suna ko biki ko biyan bashi. Gane wannan ba wuya. Sai a je a gani: tana da littafi da abin rubutu? Sunanta yana cikin masu fashi ranar kasuwa? Shugaban makaranta yana da rajistar kira, kuma kwamitin iyaye yana da ikon tambaya.

Akwai kuma maganar lokaci. Buɗe lakwal a Oktoba yana haɗuwa da kaka, sa'ad da hatsi ya shigo rumbu, ƴan cirani ba su tafi ba, ana ta neman aure. Idan an riga an karɓi kuɗin gaisuwa, dattijo ba ya son tashin maganarsa, ko an kawo masa bursi har gida. Binciken da aka yi a ƙasa a 2012 ya nuna cewa cikin mata 100, su 76 an yi musu aure kafin shekara 18, su 28 kuma kafin shekara 15. Don haka masu yawon faɗakarwa su zo tun damana, kafin a raba goro. Wanda ya zo a Disamba ya zo bayan an tashi kasuwa.

Hukuma ma ta gane cewa tafiya lakwal kaɗai ba ta isa ba. A Disamba 2017 an sa hannu kan dokar da ta ce a kare yarinya, a tallafa mata cikin karatunta. A 2019 aka ƙara umurnin da ya ba wadda ta yi aure ko ta haihu damar ci gaba da karatu. A Oktoba 2021 kuma aka buɗe gidan kwanan ƴan mata a Kelle, cikin ƙasar Gure, don a amsa tambayar kwana da abinci. Amma gida ɗaya ba ya ɗaukar ƴan matan jaha duka. Ga mafi yawan iyaye, maganar tana nan a kan masauki da buhun hatsi.

Damagaram ta taɓa ganin amfanin magana da maza kai tsaye. A nan aka fara Makarantar Mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna batun awon ciki da haihuwa a likita, har aka kai ta sauran jahohi. Magidanta da yawa ba sa son namiji ya karɓi haihuwar matansu. To, ungozomar likita ba daga sama take faɗowa ba. Makarantar koyon aikin lafiya tana nan cikin birnin Zinder, amma ba ta ɗaukar wadda ta tsaya aji shida. Wannan hujja dattijo yana jin ta, don ta shafi cikin gidansa.

Saboda haka idan mai gari zai sa a yi shela, kalmar “su tafi” ta yi kaɗan. Abin da ake roƙo wurin uba shi ne shekara huɗu. Da za a ce “A bar ta ta gama”, da ya fi kusa da roƙon, kuma bai zagi kowa da jahilci ba. Bayan shela sai a zauna da uba da uwa da mai masauki, gaban liman da shugaban makaranta, a faɗi nawa ne kuɗin, wa zai riƙe shi, da wace ranar kasuwa uba zai riƙa zuwa ganin ɗiyarsa.